"Saura Ɗaya, Hajiya": Cinikin Matsi a Kantin Kwari

Kowane ciniki yana da gaɓar da ake yanke shi. Mai saye ya ga kaya, ya taya, an ce albarka, ya ƙara, sai ya yi shiru yana jujjuya turmin atamfa a hannu. Abin da mai shago ya faɗa a wannan ɗan shirun shi ne ke nuna ko ɗan kasuwa ne ko mai farautar kuɗin yini ɗaya.

A Kantin Kwari da ke Kano, inda masu sari ke zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru, gogaggun 'yan kasuwa suna da hanyoyinsu masu tsabta. Wani zai ware zane biyu daga cikin goman da aka baje, ya ce, "Hajiya, tsakanin waɗannan wanne matan garinku suka fi so?" Ya rage mata ruɗani ke nan. Wani zai maimaita abin da ta faɗa da bakinta: tana son wadda ba ta zuba, kuma kuɗinta bai wuce kaza ba, to ga wadda ta dace. Wani kuwa cewa zai yi ta ɗauki turmi uku ta gwada, in sun shiga ta bugo waya a saka mata a mota. Duk waɗannan taimaka wa mai saye ne ya yanke shawarar da dama ya doso.

Matsi daban ne, domin shi tsoro da kunya yake aiki da su. "Saura ɗaya," alhali akwai dila a sito. "Gobe kuɗin zai tashi," ba tare da wani labari daga kamfani ba. A zazzage mata kaya har su cika benci, a kawo ruwan sanyi, sannan a ɓata fuska idan ta miƙe, don nauyin ido ya sa ta saya. Mafi muni shi ne a sa wani yaro ya shigo kamar mai saye ya taya sama da ita. Wannan shi malaman fiƙihu ke kira najashi, kuma haramcinsa sananne ne. Abin yana min ciwo idan na ji ana kiran irin wannan wayon kasuwa, har ana koya wa yaran shago.

Mu yi lissafin. A ce wata mata mai sayar da atamfa a gida a Gusau tana sarin turmi 20 duk wata, mai shago yana cin ribar naira 1,000 a kowane turmi. Naira 20,000 ke nan a wata, 240,000 a shekara. Ran nan sai ya ga wani zane ya kwanta masa, ya matsa mata da rantsuwa cewa shi ake yayi, ta ƙara turmi 10. Ya ci 10,000, ya rabu da kwantai. Ita kuwa ta koma gida da kayan da babu mai tambaya. Jarinta ƙarami ne, kusan sulusin abin da ta kashe ya maƙale a cikin akwati, ga zubin adashi yana jira. Wata mai zuwa sarinta zai ragu, kuma ba a shagonsa za ta yi shi ba. Ya sayar da 240,000 a kan 10,000.

Abin da ke ruɗin masu matsi shi ne asarar ba ta da ƙara. Bahaushiya mai kunya ba za ta dawo ta yi masa faɗa ba. Za ta wuce ta ƙofar shagon ta ce, "Alhaji, bari in zagaya in dawo," shi ke nan. Shi kuma sai ya ɗora laifin a kan kasuwa ta yi sanyi. Amma alamun suna nan ga mai lura: sababbin fuskoki kullum, tsofaffi babu, waya tana shiga ba a ɗauka, wanda a da yake saye ba taya yanzu sai ya bi shago uku ya ji farashi, ana yawan roƙon a canja kaya washegari.

Sannan maganar ba ta tsayawa a kanta. Masu sari tare suke shiga mota, tare suke kwana a masauki, kuma abin da ake tattaunawa a hanya shi ne wa ke da gaskiya a Kwari. Idan sabuwar mai sari ta tambayi inda za ta je, sunan wani za a ba ta, ba na mai matsi ba. Har "saura ɗaya" ɗinsa na gaskiya ya mutu, domin ranar da kayan suka kusa ƙarewa da gaske babu mai yarda.

Ba cewa nake kada a nemi ciniki ba. Mai shagon da ke jin nauyin cewa "in ɗaure miki?" shi ma yana asara. Idan da gaske farashi zai tashi, faɗa mata alheri ne. Ma'aunin da nake ba yaran shago shi ne: in Hajiya za ta leƙa sito ta ga abin da ke ciki, maganar da ka faɗa mata za ta tsaya? In kuma ta dawo da turmin da ba a yanka ba tana nadama, a karɓa a canja mata. Turmin zai koma kan kanta, wani ya saye shi.