Sauya Kalmomi Ba Ya Wanke Ɗalibi Daga Satar Fasaha

Jama'a, musamman iyaye da ɗalibanmu da ke karatun adabi a kwalejojin ilimi da jami'o'i, akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin yaranmu wadda nake ganin ya kamata mu yi magana a kanta. Da yawansu sun ɗauka satar fasaha ita ce kawai mutum ya kwafe shafin wani harafi da harafi. Saboda haka idan aka ba su jinga, sai su ɗauko sakin layin wani manazarci, su cire kalma nan su sa 'yar'uwarta can, su miƙa wa malami hankali kwance. A ganina wannan ma sata ce, kuma ita ta fi jefa ɗalibai cikin matsala, domin mai yin ta bai ma san yana yi ba. Abin da ke biyo baya kuwa ba wasa ba ne: ana iya ba shi sifili a jingar, idan kuma kundin kammala karatu ne ana iya mayar masa da shi ya sake, bayan iyaye sun riga sun biya kuɗin shekara.

Bari mu ɗauki misali da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933. A ce an tambayi ɗalibi ya tattauna matsayin Malam Zurƙe a littafin. Ya je laburare ya sami wani manazarci, mu kira shi Wane, ya rubuta jimla irin wannan (ni na ƙirƙire ta don misali): "Malam Zurƙe madubi ne da Alhaji Imam ke kallon kansa a ciki, domin duk wata dabara da ɗayansu ya ƙulla, sai ɗayan ya rama da irinta."

Ɗalibinmu sai ya rubuta: Malam Zurƙe gilashi ne da Alhaji Imam ke ganin kansa a ciki, saboda kowane makirci da ɗaya ya shirya, sai ɗayan ya mayar da martani da makamancinsa. Bai ambaci Wane ba. To, me ya canza? Madubi ya koma gilashi, dabara ta koma makirci, amma ƙashin jimlar yana nan yadda yake, siffantawar ta Wane ce, jerin tunanin ma nasa ne. An sake wa akuya igiya ne kawai, akuyar kuwa ta mai ita ce. Ko da ɗalibin ya sa sunan Wane a ƙarshe, da sauran gyara, domin ya nuna wa mai karatu kamar ginin jimlar nasa ne.

Hanyar da ta dace tana da ɗan wahala. Ka karanta abin da Wane ya ce har ka gane shi, ka rufe littafin, sannan ka rubuta abin da ka fahimta kamar kana yi wa abokinka bayani. Zai iya fitowa haka: A ra'ayin Wane, Imam da Zurƙe halinsu ɗaya ne, shi ya sa ramuwar gayyar da ke tsakaninsu take nuna mana halin tauraron kansa. Nan take sai ka sa madogara a cikin baka biyu. Daga nan ka buɗe littafin ka gwada jimlarka da tasa. Idan ka ga kalmomi da dama a jere sun zo daidai, ko jimlarka ta bi sawun tasa gaɓa da gaɓa, ka sake. Ka lura cewa duk da kalmomin sun zama naka, sunan Wane bai fita ba, domin ra'ayin nasa ne. Wannan shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe.

Taƙaitawa ita ce ka matse babi guda ko maƙala sukutum cikin jimla biyu ko uku, kuma ita ma tana buƙatar madogara. Idan labarin littafin kansa kake taƙaitawa, wato tafiyar Alhaji Imam neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ka yi da bakinka daga karatun da ka yi, ka kuma gajarta, domin malaminka ya san labarin. Sharhinka yake nema.

Ɗauko magana kai tsaye kuwa a adabi yana da muhalli na musamman. Idan kana magana a kan salo, dole mai karatu ya ga ainihin kalmomin marubucin, domin ba za ka ce Imam gwanin raha ne ba tare da ka nuna inda ya yi rahar ba. A nan sai ka kwafo daidai, ba ƙari ba ragi, ka sa alamar zancen wani, ka kawo shafi. A tsarin APA ana sa sunan marubuci da shekara da shafi, kuma idan abin da aka ɗauko ya kai kalma 40 sai a ware shi a sakin layinsa, a tura shi ciki, ba tare da alamar zancen wani ba. A tsarin MLA suna da shafi ake sawa, ana kuma ware zube idan ya wuce layi 4. Ka tambayi sashenku wanne suke bi. Shawarata ita ce ka yawaita ɗaukowa daga littafin da kake nazari, ka rage ɗaukowa daga manazarta, sai inda kalmar manazarcin ita kanta ce abin muhawara. Da "madubi" kake son musantawa, to ka ɗauko ta cikin alamar zancen wani, sannan ka faɗi dalilinka.

Akwai wata dabara da ta fi shafar masu rubutu da Hausa, wato a ɗauko maƙalar da aka rubuta da Turanci a fassara ta a miƙa. Mai yin haka yana taƙama da cewa manhaja irin su Turnitin da wuya ta kama shi, tunda aikinta gwada jerin kalmomi da abin da ke rumbunta. Wataƙila ya tsallake manhajar. Amma malamin da ya shekara yana duba rubutun ɗalibi ya san muryarsa, kuma da ya ga Hausar ta sandare tana tafiya da ƙafar Turanci, ko ya ga an ambaci wani littafi da ɗalibin ba zai iya cewa komai a kansa ba, tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri. Fassara ba ta mayar da ra'ayin wani ya zama naka. Ka fassara, ka faɗi mai shi, ka kuma nuna cewa fassarar taka ce.

Na san abin da wasu za su ce: ai Imam ɗin ma ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya zuba a Magana Jari Ce. Gaskiya ne, kuma manazarta sun daɗe suna bin sawun waɗannan labarai zuwa tushensu. Sai dai aikin mai ƙaga labari daban, na mai nazari daban. Imam ya ɗauki labari ya sa masa rigar Hausa, abin da ake yaba masa ke nan. Shi kuwa ɗalibi makin da ake ba shi na tunaninsa ne, don haka dole malami ya iya rarrabe inda Wane ya tsaya da inda ɗalibi ya fara. Haka kuma ba kowane abu ke neman madogara ba. Cewa Abubakar Imam ne ya rubuta Ruwan Bagaja sanannen abu ne, karin magana kuma na kowa ne. Amma fassarar da wani ya yi wa karin maganar a littafinsa tasa ce.

Yawancin wannan matsala tun daga littafin ɗaukar bayanai take farawa. Ɗalibi ya kwafi jimla a laburare bai sa alama ba, bayan mako uku ya buɗe ya ɗauka shi ya rubuta. Maganinta a raba shafi gida biyu: dama a rubuta maganar mai littafi da alamarta da lambar shafi tun a lokacin, hagu kuma a rubuta abin da mutum ya gani da kansa. Idan aka zo rubuta jinga aka tarar hagun fayau yake, sai a koma ga Ruwan Bagaja a sake karanta wuraren da Imam da Zurƙe suka haɗu, kafin a sake buɗe littafin Wane.