Ba 30 Cikin Ɗari Ba Ne, Malam

Duk lokacin da aka doshi azumi ko komawa makaranta, sai dillalan kaya su cika ofisoshin shugabannin makarantunmu da takardu masu ɗauke da hotunan firji da babur da keken ɗinki. Kalmarsu ɗaya ce: ɗauki yau, biya sannu a hankali. Mu da muke koya wa yara lissafin kashi cikin ɗari kuwa sai mu sa hannu ba tare da mun taɓa alli ba. Wannan abin kunya ne, kuma ban cire kaina ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce firji ne wanda kuɗinsa a kasuwa, kuɗi hannu, naira 300,000. Dillali ya ce a ba da kafin alƙalami 60,000, a sayi fom 5,000, sannan a riƙa cire 33,000 daga albashi har wata goma. Idan aka tambaye shi, zai ce ƙarin 30 cikin ɗari ne kacal, domin ya raba 90,000 da 300,000, ya kuma yi shiru game da kuɗin fom.

To, jimillar abin da zai fita daga aljihun malami 395,000 ne, wato ƙarin 95,000. Wannan ƙarin kaɗai ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka amince da shi a 2024. Kuma ba 300,000 dillali ya ba ka bashi ba, tunda ka dire masa 60,000 tun ranar farko. Bashin 240,000 ne, ƙarin da ke kansa kuwa ya kusa 40 cikin ɗari.

Ba a nan gizo ke saƙa ba tukuna. Wannan 240,000 ba ta zauna a hannunka wata goma cur ba. Kowane wata kana mayar da 24,000 daga uwar kuɗin, har a watan ƙarshe 24,000 kawai ake bin ka. Idan ka haɗa bashin kowane wata ka raba goma, za ka ga abin da ka riƙe a matsakaici 132,000 ne. A kan wannan ka biya 95,000. Ma'ana, kowace naira 100 ta dillali da ta kwana a hannunka tana haifa masa kimanin naira 7 a wata, abin da ya kai 80 cikin ɗari a shekara. Ina wannan, ina 30?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kafin malami ya tara kuɗin, farashi ya gudu ya bar shi. Gaskiya ne, a 2024 hauhawar farashi ta haura 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan shekara mai ajiya a gida yana tafka asara. Haka kuma malamar da za ta sayar da ƙanƙara da zoɓo tana iya cin riba, muddin firjin zai kawo mata fiye da 9,500 a wata bayan kuɗin wuta, domin wannan ne kason ƙarin a kowane wata. Amma wanda ya ɗauki talabijin ko kujerun ɗaki fa, me zai biya masa? Za a kuma ce malaman addini da yawa sun halatta ƙara farashi a cinikin ajali idan an yanke shi tun farko. Ban musa ba. Sai dai halaccin ciniki bai mayar da shi mai araha ba, kuma sharaɗin nan na sanin farashi a fili shi ne ainihin abin da ake tauye mana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dillali ba ya fargabar komai. Daga tushe ake cire masa kuɗinsa, kafin albashi ya iso hannun mai shi. Ba ya bin kowa gida, ba ya jin "dawo gobe". Wanda aka ɗauke wa wannan wahala ya kamata ya sassauta farashi, amma sai ga shi yana tsuga mana kuɗi kamar bai san inda muke aiki ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu da kada su sake buga hatimin ƙungiya a kan takardar dillalin da bai rubuta farashin kuɗi hannu, da jimillar abin da za a biya har da fom, da abin da zai biyo baya idan albashi ya makara ba. A kuma tura mutum biyu kasuwa su tayo kayan da kansu, domin wani dillalin yakan kumbura farashin kuɗi hannun don ƙarin ya yi kama da kaɗan. A kawo sakamakon taron reshe mai zuwa, a rubuta shi a allo kowa ya gani.