Makonni 8 Kafin WAEC: Yadda Za a Raba Lokaci

Jiya ɗiyar ƙanwata ta nuna mini jadawalin bitarta: Litinin fizik, Talata kemistiri, Laraba bayoloji, kowanne awa 2. Na ce mata adalcin nan zai cuce ta, domin darussan ba nauyinsu ɗaya ba.

Ga abin da muka tsara. Awa 14 take da su a mako. Fizik ya ɗauki 6, kemistiri 5, bayoloji 3, saboda a lissafi take tuntuɓe. Fizik bayan sallar asuba, lokacin da kai yake sarari, kuma da biro a hannu: wanda ya karanta V = IR bai warware tambaya goma ba, kallo kawai ya yi. A kemistiri muka sa lissafin mol a makon farko, tunda taitireshon na jarrabawar gwaji a kansa ya dogara. Bayoloji kuwa minti 30 kullum ban da Juma'a, ta zana zuciya ko ƙoda, ta sa sunayen sassan ba tare da leƙa littafi ba.

Makonni 2 na ƙarshe na tsofaffin tambayoyi ne, da agogo a gabanta. Darasin da ta kasa rabin makinsa, shi zai karɓi awa ɗaya daga wanda ta fi ƙarfi.