Tukkun Kaka da Bikin Jika: A Tambaya Kafin a Ɗora Aska

A wannan makon gajeren labari na kawo, ƙagagge ne, ni na tsara shi, amma duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ko 'ya zai gane mutanen cikinsa. Na ajiye shi a Beji, garin kasuwar nan da ke kan hanyar Minna zuwa Zungeru a Ƙaramar Hukumar Bosso, inda Gwari da Hausawa da Fulani da Nufawa ke cuɗanya.

Akwai wani tsoho a garin, tsohon maharbi, wanda ya haura tamanin. Duk ran kasuwa yakan zauna gaban wanzaminsa, a jiƙa masa kai da ruwa da sabulu, a wasa aska, a kwashe sumar tas, sai dai a tsakiyar kai a bar masa tukku, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, fari fat da furfura, a kitse shi siriri. Haka aka san shi tun yana saurayi. Sai aka sa ranar auren jikarsa da wani ma'aikaci ɗan Minna. An kawo lefe, an fitar da anko, an kama ɗakin taro don dina, an ɗauki mai hoto. Saura kwana uku ɗaurin aure babban ɗansa, uban amarya, ya zo da sabuwar shadda da hula, da wani yaro mai askin inji a bayansa.

Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, surukanmu manyan mutane ne, kuma za a ɗauki hotuna. Don Allah a yi haƙuri a sauke wannan abin."

Tsoho bai kira sunansa ba, don ɗan fari ne. Ya ce, "Kai wannan, ni za a ɗaura wa aure ko yarinya? Ka sallami yaron mutane, kaina yana da mai shi."

Gida ya rikice. Ƙannen uban amarya suka rabu biyu. Wata gwaggo ta ce asiri ne a ciki shi ya sa ba ya yarda. Wani ɗan'uwa mai karatun addini ya ce ai ma haramun ne. Aka fara shawarar a bar tsoho a ɗaki ranar taro, a ce ba ya jin daɗi. Da maganar ta kai kunnen amarya, ana jibi kamu, sai ta shiga wurinsa da kwanon fura. Ta ce, "Angona, an ce ka ƙi yin kwalliya don kishi kake yi zan bar ka." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Amaryata, wannan yaron ba zai iya noma miki ko kunya ɗaya ba." Ta zauna ta ce, "To gaya mini, wa ya bar maka shi?"

Nan ya ba ta labarin da babu wanda ya taɓa nema a gidan. Ranar da mahaifinsa ya fara shiga da shi daji, uban ne ya riƙe masa kai da hannunsa ya nuna wa wanzami inda zai tsaya. Damina biyu bayan haka uban ya rasu. Bindigar an sayar, gonar an raba, layar da ake ɗaurawa a jikin tukkun shi da kansa ya kwance ya yar tun da ya fara zama gaban malami. Abin da ya rage masa na uban shi ne wannan ɗan gashi. Ya ce, "Na yi niyya in Allah ya kai ni Makka, can zan sauke shi." Amarya ta fita ta sami mahaifinta ta ce, "Abba, in ba Kaka a hoton, ni ma ba na ciki." Ran ɗaurin aure tsoho ya sa shaddarsa, ya kafa hularsa, ya zauna a sahun gaba. Babu baƙo ko ɗaya da ya san abin da ke ƙarƙashin hular.

Iyakar labarin ke nan. Ra'ayina a kansa shi ne tsoho yana da gaskiyar ƙin aski a wannan rana, kuma kunyar da ake gudu ta 'ya'yansa ce, aure bai san da ita ba.

Mu fara da auren kansa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, aure yana tsayuwa da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adalai. Surar kan kakan amarya ba ta cikin lissafi. Ɗaurin aure kuma a ƙasarmu taron huluna ne da rawuna, dattijo ba ya zuwa kai a buɗe. Wato abin da aka tayar da hankalin gida a kansa ba ma zai bayyana ba. Tsoron uban amarya ɗaya ne: kada hula ta zame, kada wani ya ɗauka da waya ya watsa, surukai su ce daga ƙauye aka ɗauko yarinya. Wannan tsoro ne ya sauya bukukuwanmu. Da, dangi ake tarawa don su shaida. Yanzu ana tace dangi don hoto ya yi kyau, mai tsage a fuska da mai goro a haƙori da mai faso a ƙafa a tura su baya. Ranar da aka fara tunanin kulle kaka a ɗaki, an riga an yi asarar abin da ya fi lefe daraja.

Sai maganar addini, wadda ba zan kauce mata ba, don ɗan'uwan nan mai karatu bai yi magana a banza ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kai a bar wani. Tukku da zanko da aka saba bar wa yara a ƙasar Hausa sun shiga ciki, kuma yaɗuwar karatu ce ta sa suka ja baya. Amma mafi yawan malamai sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, Imam Nawawi ma haka ya bayyana, sai dai in akwai larura irin ta magani. Abin da aka karhanta nasiha ake yi a kansa, cikin sirri da ladabi, balle ga mahaifi. Wulaƙanta iyaye kuwa babu saɓani a kan girman zunubinsa. Tambayar da zan yi wa 'ya'yan tsoho ita ce: shekara nawa kuna ganin tukkun nan kuna shiru? In don Allah ne, me ya sa sai da aka kama ɗakin dina kuka tuna da hadisi? Mai son ya sauke shi don addini, ga hanya tsohon ya nuna da bakinsa. Ku haɗa kuɗi ku biya masa Umara, a can aski ko saisaye ibada ne, zai miƙa kansa da farin ciki.

Wannan ɗabi'a ta hukunta mutum da sumarsa ba ta tsaya a cikin gida ba, kuma mutanen Neja sun fi kowa sani. A watan Afrilun 2025, a wani taron tsaro a Minna, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin a kama masu tara gashi irin na dada, a aske su, a ci su tara. Dalilinsa fitinar 'yan daba ce da ta addabi unguwannin Minna, kuma fitinar gaskiya ce, ta ci rayuka. Amma ƙasa ta ɗauki surutu, ba a jima ba gwamnan ya fito ya ce ba a fahimce shi ba, 'yan ƙungiyoyin ɓata-gari yake nufi, ba duk mai gashi ba. Abin da ya jawo gyaran zancen shi ne gashi ba ya faɗin laifi. Mawaƙi yana tara shi, ɗan ƙwallo yana tara shi, wani da shi aka haife shi, kuma ɗan daba yana iya yin ƙwal-kwabo ya ci gaba da sara. A gida ma haka ne. Gwaggo ta ga tukku ta ce asiri, alhali layar ta daɗe da barin wurin. Ba ta sani ba don ba ta tambaya ba.

Shi ya sa na ba amarya mabuɗin labarin. Al'adarmu ta sa shamaki tsakanin uba da ɗan fari, akwai kunya, akwai nauyi, ba su iya doguwar hira. Amma ta buɗe ƙofa tsakanin kaka da jika. Jika mace matar kakanta ce a wasa, tana iya tsokanarsa, ta ja gemunsa, ta tambaye shi abin da ubanta ba zai iya ba. Ana ɗaukar wasan jika da kaka abin dariya kawai, alhali ta nan tarihin gida yake gangarowa. Uban amarya ya zo da umarni a naɗe cikin roƙo, da mai aski a bayansa, wato an gama yanke hukunci kafin a yi sallama. Ita kuwa ta zo da fura da tambaya. Tsofaffi da yawa da muke kira masu taurin kai, abin da suke karewa shi ne ɗan ikon da ya rage musu. An karɓi gona, an karɓi cefane, an karɓi shawarar gida, har magani sai an miƙo. In aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma ga mai shekara tamanin, jikinsa ne gaban goshin.

Ban ce duk abin da tsoho ya kafe a kai daidai ne ba. Da cewa ya yi sai an aurar da yarinyar ga wanda ba ta so, ko ya ƙi zuwa asibiti alhali ciwo na cin sa, da na goyi bayan a tsaya masa, da ladabi amma ba ja da baya. Ma'aunin mai sauƙi ne: kafewar tasa tana cutar da wani, ko tana cutar da lafiyarsa? In amsar a'a ce, kamar tukku a ƙarƙashin hula, to haƙƙinsa ne. Wanzamai na gargajiya sun san wannan ladabi. Kafin wanzami ya fito da aska daga zabira, sai ya tambayi mai kai yadda yake so, ko da shekara talatin yana yi masa aski.

Kirana ga masu shirin biki a Beji da Minna da ko'ina shi ne, ku sa tsofaffinku a sahun gaba yadda suke. In akwai abin da kuke ganin gyara a jikinsu, ku fara da tambayar asalinsa, ku zaɓi lokacin da babu baƙi, ku aika wanda suke sakewa da shi. Ku kuma jikoki, ku zauna da kakanninku ku yi ta tambaya tun suna da rai, don abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Allah ya ba mu ikon girmama na gaba da mu, ya sa albarka a aurarrakinmu.