Filin Noma da Kiwo: Taguwa Mai Nono da Ciwon Ƙazuwa

Wani mai karatu daga wajen Safana ya aiko mana da tambaya. Ya ce yana da taguwa guda mai ɗan wata 5, da ita gidansa ke samun nono, har a sayar da kaɗan a sayi cefane. Tun da hunturu ya shigo ta fara goga wuyanta a jikin itace ba dare ba rana, gashin wajen ya zube, nono ya ragu da kusan rabi. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuwa, uwargidan da ke tatsa ita ma hannuwanta sun fara ƙaiƙayi. Maƙwabta sun ce ya shafa baƙin man mota. Shi ne ya ke tambaya ko ya shafa.

Malam, kada ka shafa. Baƙin mai yana ƙona fatar da ta riga ta tsattsage, dabba ta lasa, ɗanta kuma ya tsotsa a hantsa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙazuwa, kuma tana da magani.

Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Yana haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai a ciki, shi ya sa ƙaiƙayin ba ya barin dabba ta huta. Yakan fara inda fata ta ke da laushi, watau kai, da gindin wuya, da hammata, da matsematsi, da kewayen hantsa. Da fari ƙananan ƙuraje ne, sa'an nan gashi ya zube, daga baya fata ta yi kauri, ta yi toka-toka, ta nannaɗe. Daga ranar da dabba ta ɗauka zuwa ranar da za a ga alama akan yi mako 2 ko 3, saboda haka sa'ad da ka ga ɗaya tana susa, ka ɗauka ɗanta ma ya riga ya kamu. Akwai wani ciwon fata da ke kama 'ya'yan raƙuma, mai fitowa zagaye-zagaye kamar kwabo, amma shi ba ya sa susa irin wannan. Susar ita ce babbar shaida.

Wataƙila a tambaya, me ya sa ciwon fata zai rage nono? Raƙumi yana bukatar sa'a 6 zuwa 8 kowace rana yana tsinkar ganye. Taguwar da ta ɓata rabin yininta tana goga jiki ba ta ci ta ƙoshi ba. Tozonta ya fara kwanciya, nono ya ja baya, ramammiyar dabba kuma ita ce ƙwaron ya fi jin daɗi. Haka abin ke zagayawa har ta kasa tashi.

Yanzu ga maganar magani. Allurar da malaman dabbobi suka fi yi ita ce ibamektin, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a ƙarƙashin fata, mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Inda mutane ke kuskure shi ne nauyin, gama ba mai sikelin raƙumi a gida. Ga dabara. A samo igiyar awo ta tela a auna abu uku da mita: tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa, da kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, da kewayen ciki ta kan tozo. A ninka ukun da juna, a sāke ninkawa da 50. A ce tsayi mita 1.8 ne, ƙirji 1.9, ciki 2.2, lissafi ya ba da kilo 376, watau allura wajen mililita 7 da rabi. Wanda ya yi mata mililita 3 don tsimi ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Kuma lalle a maimaita bayan mako 2, domin allurar farko ba ta kashe ƙwai.

Amma akwai sharaɗi mai nauyi, ba za mu ɓoye shi ba. Wannan magani yana fita cikin nono har makonni masu yawa, masu yinsa ma sukan rubuta a kwalba cewa kada a yi wa dabbar da mutane ke shan nononta. Idan an yi allura, sai gida ya haƙura da sha da sayarwa har iyakar kwanakin da malamin dabbobi ya yanka, a bar wa ɗan taguwar. Mun san wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga gidan da ke jiran kuɗin nono. Idan ciwon bai yaɗu ba, a tambayi malamin maganin wanka. A fara jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi da sabulu a kankare shi, domin magani ba ya ratsa ɓawo, sa'an nan a wanke dukan jiki, ba inda ya zube kaɗai ba, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, sau 2 ko 3. Shi ma yana da nasa kwanakin jira. Idan amitaraz aka ba ka, kada ka kusantar da shi ga doki ko jaki, yana yi musu lahani ƙwarai.

A yi wa uwa da ɗa da duk raƙumin da ke gidan magani rana ɗaya. A wanke igiya da sirdi da tsummoki a shanya a rana, a canja makwanci na mako 3. Uwargida kuma ta je asibiti, ƙazuwar raƙumi tana kama mutum, ko da ya ke ba ta daɗewa a jikinsa idan an warkar da dabbar.

Saura ruwa da abinci, waɗanda in babu su magani ba ya ɗorewa. Kowa ya san raƙumi da jure ƙishirwa, amma wannan suna ya cuci taguwa mai shayarwa. Da damina da farkon kaka, ganye na da ruwa, tana iya yin mako 2 ba ta nemi rijiya ba. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kada ta wuce kwana 3 ko 4, in da hali ma kowace rana. Mai ƙishirwa tana shanye lita 80 zuwa 100 cikin 'yan mintoci, jarka 4 ke nan, don haka kada a janye ta da zarar ta ɗaga kai, a bari ta huta ta koma. A komin rijiya ne kuma raƙuma ke gogayya da juna, har da na baƙi masu saukowa daga Nijar da rani. Mai ƙazuwa a shayar da ita daban.

A ƙasar Batsari da Safana dajin Rugu ne babbar makiyaya, amma rashin tsaro na shekarun nan ya sa mutane da yawa tsare dabbobinsu kusa da gari. Raƙumi kuwa mai cin itace ne, aduwa da magarya da bagaruwa da farar ƙaya, karan dawa bai ishe shi ba. Wanda ya ɗaure taguwa a gida sai ya kawo mata 'ya'yan gawo, da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa kilo 1 ko 2 da maraice. Kada a ba ta hatsi mai yawa farat ɗaya, yana lalata ciki.

Gishiri kuma, raƙumi ya fi saniya bukatarsa nesa ba kusa ba. Wajen kilo 1 a mako ba ɓarna ba ne ga taguwa mai nono. Idan ka gan ta tana lasar ƙasa, gishirin take nema, kuma rashinsa yana sa gyambo a fata.

Idan an yi duk wannan, susa takan lafa cikin mako 2, gashi ya fara tsirowa bayan wata guda ko fiye. Idan susa ta tsaya amma rama ba ta tsaya ba, ga hawaye a ido, ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa, to, a kai ta a duba jini, gama wannan alamar sammore ce wadda ƙuda masu cizo ke yaɗawa, maganinta kuwa daban ne.