Fuskar ta gaskiya ce, rigar ce ƙarya

'Yan uwa matasa, wasan nan da ake yi da hoto ni ban ɗauke shi wasa ba. Ka ɗauki saurayi sanye da 'yar shat, ka saka hotonsa a manhaja, ka rubuta cewa a sa masa babbar riga da hula zanna, kada a taɓa fuska da jiki. Kafin ka kurɓi shayi ya koma Alhaji. Tun da Google ta saki sabon injin gyaran hoto na Gemini a watan Agusta 2025, duk mai waya da ɗan data ya zama tela.

Masu kare abin suna cewa, "Ai ba a canza fuska ba, ina laifin?" To, laifin ke nan. Fuskar ita ce shaida. Da an canza ta, da ba wanda zai yarda. Da yake an bar ta, sai ta tsaya wa ƙaryar rigar. A ƙasar nan, daga Mallawa zuwa Dungas da Magarya, babbar riga magana take yi. Shadda wajen yadi goma ce, ga ɗinki, ga aikin da mai allura kan yi makonni a kai. Wanda ya sa ta yana cewa yana da abin hannu, kuma yana da mutuncin da zai ji tsoron zubarwa.

Mu ɗauka wani ya tura maka hotonsa ta WhatsApp cikin farar riga, ya ce shi dillali ne a kasuwar Maigatari, ka turo kafin alƙalami na raguna biyu. Ka yi kiran bidiyo, fuskar dai ita ce. Gani ya kori ji, sai ka tura. Haka za a iya yi wa uban yarinya a maganar aure. Hoton Fafaroma Francis cikin ƙatuwar farar rigar sanyi ya ruɗi duniya a watan Maris 2023, balle kai da ke kallo a ƙaramar waya.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Injin yana shafe inda tufafi suke, ya zana sabo da abin da ya koya daga tarin hotuna. Babbar riga ta fi jiki faɗi nesa, hula kuma tana cin goshi, don haka dole ya ƙirƙiro abin da babu a hoton asali. A nan ake kama shi.

Ka buɗe hoton da yatsu biyu, ka fara da ƙirji. Aikin rigar gargajiya, aska biyu ko aska takwas, yana sauka ne ta hagu, kan babban aljihu, ba ya raba ƙirji biyu daidai. Inji yakan zana ado iri ɗaya dama da hagu, aljihun ma ya manta da shi, ko zaren ya narke ya zama damuwa kamar fura. Sai kafaɗa. Mai babbar riga yana naɗe ta a kafaɗa, nauyinta ya yi ninki. Idan ka ga hannu ya fito cikin siririn hannun riga kamar jallabiya, ka tsaya. Sai hula. Zanen hula yana maimaita kansa a zagaye, ƙwaya bayan ƙwaya, kuma bakinta yana jefa inuwa a goshi. Ta inji sau da yawa zaune take kamar an kife ƙwarya, zanen ya canza tsakanin gaba da gefe.

Kada ka yarda ma da alkawarin "fuska ba ta canzawa". Irin waɗannan injunan sukan sake zana hoton gaba ɗaya. Jera shi da na asali, za ka iya tarar da fata ta yi haske, tsagen gado ya dushe. Kuma alamomin nan suna raguwa duk sanda aka sabunta injin, saboda haka rashin ganinsu ba wankewa ba ne. In kuɗi ko aure ne a tsakani, ka nemi wanda ya san mutumin da gidansu.

Ban ce kada talaka ya yi hoton barka da sallah da rigar da bai da ita ba. Hotonka ne, yi kwalliyarka, amma ka rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Abin da na ƙi shi ne ɗaukar hoton wani ba da izininsa ba, ko da sarauta za ka naɗa masa. Dabarar da ta sa masa riga ita ce take cire wa 'yar mutane tata. In muka tafa wa ta farko don ta ba mu dariya, da wane baki za mu hana ta biyu?