Ruwa Ba Ya Sanin Mai Mukami

Jama'a, damina ta sauka, mu kuwa ma'aikata ba mu rabuwa da rangadi. Abin da ya fi damunmu shi ne direban da ke afka wa mashigi don gudun makara. Ruwa mai gudu in ya kai kafa guda yana iya daga karamar mota, ya tafi da ita. Kuma ba mai ganin ko kwalbati ya zaizaye a karkashi. Saboda haka mu tsaya, mu jira ya janye. In kwance yake, bai kai cibiyar taya ba, a shiga da giya ta daya sannu a hankali. Bayan an fita a tattaka birki ya bushe. Gara a makara da a rasa rai.